Ba da biyu ka ci uku: yadda ake gano tarkon cin dole a wasan diraf

A wasan diraf, idan ci ya faɗo maka ba ka da ikon kau da kai. Ko kana so ko ba ka so, sai ka ci. Mai koyo yakan ɗauki wannan doka a matsayin takura, amma wanda ya daɗe a gaban allo ya san ita kaɗai ce hanyar da za ka sa hannu cikin 'ya'yan abokin karawarka ka kai su inda kake so. Duk lokacin da ka miƙa masa ɗa, kai ne ka zaɓar masa tafiyar da zai yi. Idan ka miƙa biyu a jere, ka yi masa tafiya biyu ke nan ba tare da ya ce uffan ba, kuma sau da yawa tafiya biyun nan sun isa su jera maka 'ya'yansa uku a kan hanya ɗaya, ka bi ta kansu ka kwashe.

Abin da nake so in warware shi ne yadda ake ganin irin wannan tarko tun kafin a ɗana shi. A ganina yawancin masu wasa suna nemansa ne ta inda bai kamata ba. Sukan tsaya suna tambayar kansu wane ɗa za su bayar, alhali wannan ita ce tambayar da ya kamata ta zo a ƙarshe. Daga cin ƙarshe ake faro lissafi, a riƙa dawowa da baya har a iso tafiyar farko.

Zan yi bayanin ne a kan diraf ɗin ƙasa da ƙasa, mai allo gida 10 a tsaye 10 a kwance, inda kowa ke farawa da 'ya'ya 20 kuma Fari ke fara tafiya. Dokoki uku ne suka shafe mu a nan. Ci dole ne. Ɗa yana tafiya gaba kawai, amma wajen ci yana ci gaba da baya. Sannan idan hanyoyin ci sun fi ɗaya, wajibi ne ka bi wadda ta fi yawan 'ya'ya, kuma ka bi ta har ƙarshenta, ba a tsayawa a tsakiya. Gidajen da ake wasa a kansu 50 ne, kuma kowanne da lambarsa. Daga wajen Fari, ga yadda suke:

```
    1   2   3   4   5
  6   7   8   9  10
   11  12  13  14  15
 16  17  18  19  20
   21  22  23  24  25
 26  27  28  29  30
   31  32  33  34  35
 36  37  38  39  40
   41  42  43  44  45
 46  47  48  49  50
```

Baƙi yana zaune a 1 zuwa 20, Fari a 31 zuwa 50. Idan an rubuta 32-28, ana nufin ɗan da ke gida 32 ya matsa zuwa 28. Idan an sa x a tsakani, ci ne. Ina ba ka shawara ka ɗauko allonka ka jera, domin abin da ido ya gani a kan allo ya fi zama a kai.

Misalin da ya fi kowanne fito da wannan darasi shi ne tarkon da aka fi sani da sunan Haarlem, wani birni a ƙasar Holan. Abin mamakinsa shi ne yana faɗawa ne tun a tafiya ta biyu, lokacin da allo yake cike kuma babu wanda ya ci ko ɗa ɗaya.

Fari ya buɗe da 32-28, Baƙi ya amsa da 18-23. Yanzu baƙin ɗan da ke 23 ya sa na 28 a gaba, tunda gida 32 da ke bayansa a buɗe yake. Barazanar ba wata babba ba ce, domin ko ya ci za a rama nan take, ɗaya ya tafi a bakin ɗaya. Amma mutum ba ya son a taɓa masa ɗan da ya kafa a tsakiya, sai hannunsa ya kai ga ɗan da ke 37 ya tura shi 32 ya toshe bayan. Tafiya ce da ta yi kama da ta mai hankali. Ni ma na taɓa yin ta a shekarun da nake koyo, kuma har yau ina tuna yadda wanda nake karawa da shi ya ɗora yatsa a kan ɗansa na 23, ya tura shi cikin bakin 'ya'yana ba tare da ya ɗago kai ba. A lokacin na ɗauka kuskure ya yi. Banza ba ta kai zomo kasuwa, sai dai ban san haka ba sai da aka kwashe mini huɗu.

Ga yadda abin yake tafiya:

```
1. 32-28  18-23
2. 37-32  23-29
3. 34x23  17-22
4. 28x17  19x26
```

Mu bar jerin tafiyar tukuna, mu koma daidai lokacin da Fari ya sauke hannu daga 37-32, mu zauna a kujerar Baƙi mu duba abin da ya gani. Abu na farko shi ne ɓaraka. Gida 37 ya zama fanko, kuma yana tsakanin farare biyu, na 32 da na 31. Bayan na 31 kuma akwai gida 26, shi ma fanko. Ke nan da a ce akwai baƙin ɗa a gida 28, zai tsallake na 32 ya sauka a 37, ya juyo da baya ya tsallake na 31 ya sauka a 26. Hanya ta samu, 'ya'ya biyu suna kwance a kanta. Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma ba ya buƙatar zurfin lissafi, ido kawai yake so: ɗa, fanko, ɗa, fanko.

Tambaya ta biyu ita ce, wa zai bi hanyar, kuma ta ina zai shiga? Ba za ka taka a hankali ka je 28 ba, domin abokin wasanka zai gan ka ya toshe. Dole ka shigo da ci, yadda ba zai sami numfashi ba. Baƙin ɗan da ke 19 yana kan layi ɗaya da 23, 28, 32 da 37. Idan akwai farin ɗa a 23 kuma 28 babu kowa, na 19 zai tsallake shi ya faɗa 28, daga nan ya zarce. Biyu sun zama uku.

Yanzu sai ka kwatanta hoton da kake so da abin da ke kan allo, ka ƙirga bambancin. Bambanci biyu ne kacal. Ana buƙatar farin ɗa a 23, amma yanzu naka ne zaune a wurin. Ana buƙatar 28 ya zama fanko, amma farin ɗa ya tare shi. Aiki biyu ke nan, kuma kowane aiki kuɗinsa ɗa ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa ake ba da biyu, ba don lambar tana da wani sirri ba. Duk ɗan da ka bayar a cikin tarko yana yin ɗayan ayyuka biyu ne: ko ya jawo ɗan abokin wasa zuwa gidan da kake so ya tsaya, ko ya kawar da shi daga gidan da kake so ya buɗe. Idan ka ba da ɗa ba ka iya faɗin wanne daga cikin biyun nan yake yi ba, to kyauta ka yi.

Tafiyar 23-29 ita ce mai jawowa. Ta bar gida 23 a buɗe, ta kuma tsaya a gaban na 34, wanda dole ya tsallake ya sauka daidai a 23. Tafiyar 17-22 ita ce mai kawarwa. Ta bar 17 a buɗe, ta tsaya a gaban na 28, dole ya tsallake ya bar wurin. Da barinsa, na 19 ya ci na 23, ya ci na 32, ya ci na 31, ya je ya jingina da gefen allo a 26, inda babu mai iya tsallake shi. Baƙi ya ba da biyu ya ci uku. Kuma akwai ragowa, domin farin ɗan da ya sauka a 17 ya shiga tsaka mai wuya: gabansa 11 da 12 duk a cike, kuma kowannensu na iya cinsa. Fari zai yi tafiya ɗaya da ya ga dama, Baƙi ya ɗauke shi. Allo ya koma 18 da 16.

Inda mutane da yawa ke faɗuwa, ko bayan sun ga hanyar, shi ne wajen jeranta tafiyar. Tunda ayyukan biyu ne, sai mutum ya ɗauka duk wanda ya fara da shi daidai ne. Gwada ka gani. Ka fara da 17-22. Fari ya ci 28x17, kamar yadda ka tsara. Amma yanzu kai ne ci ya faɗo wa, domin ɗansa na zaune a 17 tsakanin naka na 11 da na 12, kuma dokar da ka yi amfani da ita a kansa ta juyo kanka. Ba ka da damar tura 23-29, dole ka rama. Ka ci ɗaya ya ci ɗaya, shi kuma ya sami sarari ya gyara gidansa, tarkon ya wargaje. A jerin da yake daidai ma cin na 17 yana nan yana jiranka, amma yana zuwa ne lokaci ɗaya da cin uku, kuma cin uku ne ke gaba.

Saboda haka bayan kowane ɗa da ka bayar, sai ka tambayi kanka: idan ya ci ya sauka, ni ina da ci a lokacin? Idan amsar e ce, kuma ba babban cin da kake nema ba ne, zaren ya tsinke. Dubi abin da ya faru bayan 34x23. Farin ɗa yana zaune a 23, gab da na 19, amma na 19 ba zai iya cinsa ba tukuna saboda 28 a cike yake. Wannan rashin iya cin shi ne ya ba Baƙi 'yancin yin tafiya ta biyu. Haka nan gida 18 da Baƙi ya bari fanko tun tafiyar farko yana cikin tarkon. Da akwai baƙin ɗa a 18, da tilas ya ci 18x29 nan take, kuma da farin ɗan da aka sha wahalar jawowa ya bar allo kafin ya yi amfani. Mutum yakan so ya cike duk wata ɓaraka a gidansa don ya ji ya tsaru, amma a nan ɓarakar ce ta sa tarkon ya kama.

Akwai kuma gidajen da dole su kasance a cike, kuma su ma sai an duba su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan da ka jawo cikin gidanka ba baƙo ba ne mai zama inda aka ajiye shi, idan ya ga ƙofa zai zarce. Farin ɗan da ya sauka a 23 yana kallon na 19. Da gida 14 fanko ne, da ya tsallake na 19 ɗin ma, wato ɗan da ka tanada don babban ci shi ne zai tafi. Wanda ya sauka a 17 shi ma yana kallon na 11 da na 12, kuma abin da ya tsayar da shi shi ne 6 da 8 suna cike. A farkon wasa duk waɗannan suna nan daram, shi ya sa ba a lura da aikinsu. A tsakiyar wasa kuwa, bayan layin baya ya fara motsi, irin wannan surar tana iya bayyana amma ɗaya daga cikin masu tsaron bayan ya riga ya tafi. Nan ne garin neman gira ake rasa ido.

Sai batun zaɓi. Tarko na gaskiya shi ne wanda duk hanyar da abokin wasa ya bi yana ciki. A tafiya ta uku Fari yana da ci iri biyu, kowanne na ɗa ɗaya, don haka doka ta bar masa zaɓi. Mun ga 34x23. Idan ya ci da ɗaya ɗan fa, wato 33x24? To yanzu Baƙi ne ke da cin dole, kuma shi ma hanya biyu gare shi. Kada ya ci da na 19, domin shi ne mai babban aiki. Ya ci da na 20, 20x29, sai ga baƙin ɗa ya sake tsayawa a 29, a gaban na 34. Wannan karon Fari ba shi da wani zaɓi sai 34x23, kuma an dawo kan hoton farko: 17-22, 28x17, 19x26. An ƙara musayar ɗaya da ɗaya ne kawai a tsakani, ribar ba ta canza ba. Wanda bai duba wannan reshe ba kafin ya tura 23-29, ko da ya yi nasara, sa'a ce ta taimake shi.

Don ka tabbatar cewa ɓarakar 37 ce tushen komai, maido da wasan baya ka sa Fari ya toshe da ɗaya ɗan, 38-32. Da ido, allon kusan ɗaya ne da na ɗazu. Amma idan Baƙi ya bi tsarin nan nasa, na 19 zai ci na 23 ya sauka a 28 ya tsaya cak, domin bayan na 32 akwai ɗa a 37, bayan na 33 akwai ɗa a 39. Ya ci ɗaya, kuma a take za a cinye shi. Dara ta ci gida. Shi ya sa 38-32 tafiya ce da ake yi lafiya, haka ma 33-29, wadda ke barin Baƙi ya ci 23x32 a rama da 37x28. Wanda ya haddace jerin tafiya bai fahimci dalilinsa ba, irin wannan ɗan bambanci ne ke kayar da shi.

Ba kullum ake ba da 'ya'yan biyu ɗaya bayan ɗaya ba. Wani lokaci tafiya ɗaya ce ke miƙa su tare, kuma a nan dokar cin mafi yawa take nuna ƙarfinta. Jera wannan ɗan ƙaramin matsayi, Fari ne da tafiya:

```
Fari: 32, 38, 45, 47, 48
Baƙi: 6, 21, 22, 24, 34
```

Fari yana cikin damuwa, domin baƙin ɗan da ke 34 ya kutso kuma yana neman layin ƙarshe ya zama sarki. Mai tsoro zai ɓata lokacinsa wajen neman yadda zai tare shi. Amma duba shi da idon mai neman hanya. Na 34 yana da fanko a gabansa a 39, da fanko a bayansa a 30. Kusa da 30 akwai na 24, bayansa kuma 19 fanko. Ke nan farin ɗan da ya faɗo 39 da ci zai tsallake na 34 zuwa 30, ya tsallake na 24 zuwa 19. Wa zai faɗo 39? Na 48, idan akwai baƙin ɗa a 43. To yaya za a kawo baƙin ɗa har 43, can cikin gidan Fari? Layin 21, 27, 32, 38, 43 a miƙe yake. Idan Fari ya tura 32-27, na 21 zai tsallake shi ya sauka a 32, ya tsallake na 38 ya sauka a 43.

Abin da ya sa nake son wannan misali shi ne baƙin ɗan da ke 22. Shi ma yana iya cin na 27, ya sauka a 31, kuma da Baƙi zai sami yadda yake so da wannan zai zaɓa, ya ci ɗaya lafiya ya ci gaba da neman sarautarsa. Doka ce ta hana shi. Cin na 22 ɗaya ne, na 21 biyu ne, dole ya ɗauki biyun. Ɗa na biyu da Fari ya bayar, wato na 38, ya yi aiki biyu a lokaci ɗaya: ya ƙwace wa Baƙi zaɓi, ya kuma zama tsanin da ya kai ɗansa har 43. Sai Fari ya ci 48x19, ya kwashe na 43, na 34 da na 24. An bar Fari da uku, Baƙi da biyu, kuma na 19 tafiya uku ta rage masa ya zama sarki, zai riga na 22 isa. Ba zan ce wasan ya ƙare ba, domin rinjayen ɗa ɗaya a ƙarshen wasa yana bukatar a iya sarrafa shi, amma wanda yake cikin tsaka mai wuya ɗazu shi ne yanzu a sama.

Lura kuma cewa da Fari yana da ɗa a 43, da duk wannan bai yiwu ba. Na 21 zai ci ɗaya ne kawai, zaɓi ya dawo hannun Baƙi. Ga ɓarakar gida ta sake yin amfani.

Yanzu mu zo ga kuskuren da na fi gani, har a wajen waɗanda suka iya ganin hanya. Mutum yakan daina lissafi da zarar ya ƙirga uku. Daɗin cin yakan rufe masa ido, bai duba inda ɗansa zai sauka ba. A wannan matsayin, ƙara wa Baƙi 'ya'ya biyu a 8 da 13. Komai zai tafi kamar da: 32-27, 21x43, 48x19. Amma yanzu farin ɗan ya sauka a gaban na 13, ba zai iya tsallake shi ba saboda 8 a cike yake, kuma gida 24 da ke bayansa ya zama fanko, tunda shi da kansa ya cinye mai zama a wurin. Baƙi ya ci 13x24. Biyu a bakin uku ya koma uku a bakin uku. Kuma Fari ba shi da ikon ya ce zai tsaya a 30 ya bar na 24, domin dole ya kai cin ƙarshensa. Idan kuwa na 13 yana nan amma 8 fanko ne, labari ya juya, Fari zai zarce ya ci huɗu. Ɗa ɗaya da ke can nesa a layi na biyu, wanda bai taɓa motsi ba, shi ne ke yanke hukunci.

Shi ya sa lissafin tarko bai cika ba sai ka cire duk 'ya'yan da aka ci daga allon da ke cikin kanka, ka ajiye ɗanka a gidan ƙarshe, sannan ka miƙa wa abokin wasanka tafiya ka ga abin da zai yi da ita. Wurin saukar da ya fi aminci shi ne gefen allo, kamar 26 a misalin farko. A tsakiyar allo kuwa, ka tuna cewa ɗan da ka tsallake na ƙarshe yakan bar fanko a bayanka, kuma ta wannan fankon ake rama ci.

Wata magana da ba za a tsallake ba ita ce dokokin da ake wasa da su, domin ba diraf ɗaya ba ne a duniya. A na Ingilishi, mai gida 8 da 8 da 'ya'ya 12, ci dole ne amma ɗa ba ya ci da baya, kuma kana da 'yancin zaɓar cin da kake so ko da ya fi ƙanƙanta. Irin tarkon Haarlem ba zai cika a can ba, tunda cin na uku da baya ake yin sa. A na Rasha ɗa yana ci da baya amma babu tilascin cin mafi yawa, don haka dabarar misali na biyu ba ta aiki. Na Barazil yana bin dokokin ƙasa da ƙasa ne a kan ƙaramin allo, duka dabarun biyu suna aiki. Sannan akwai tsohuwar al'adar nan ta cewa wanda ya ƙi ci sai a ɗauke masa ɗan da ya ƙi cin. Dokar gasa ta yau ba ta san da ita ba, kuma ita ce ke kashe tarko tun daga tushe, domin mutum zai gwammace ya rasa ɗa ɗaya a matsayin tara da ya ci ya rasa uku. Idan za ka zauna da wanda ba ka saba wasa da shi ba, ku daidaita a kan waɗannan kafin a tura ɗan farko.

A zaune gaban allo, abin da nake yi ba shi da yawa. Duk tafiyar da abokin wasana ya yi, kafin in kalli gidan da ya je, ina fara kallon gidan da ya baro, domin sabon fanko can yake. Yawancin tarkuna tafiyar da aka yi yanzun nan ce ke haifar da su, kamar yadda 37-32 ta haifar da na Haarlem. Idan na ga 'ya'yansa biyu da fanko a tsakani da fanko a baya, sai in nemi gidan shiga, in nemi ɗana da ke kan layin gidan, in ƙirga ayyukan da suka rage. Idan aiki ɗaya ne ko biyu, ya cancanci in zauna in lissafa har ƙarshe. Kuma kafin in saki nawa ɗan, irin wannan kallon nake yi wa gidan da zan bari.

Tarkon Haarlem yana da ɗan'uwa a ɗaya ɓangaren allo, kuma ya dace a gwada ido da shi. Fari ya fara da 33-28, Baƙi 18-22, Fari 39-33. Wannan karon ɓarakar a 39 take, tsakanin na 33 da na 34, da fanko a 30. Gidan shiga 28 ne har yanzu, amma mai shiga shi ne na 17, kuma yana bukatar farin ɗa a 22. Baƙi ya jawo shi da 22-27. Idan Fari ya ci 31x22 an samu, idan kuma ya ci 32x21 sai a rama da 16x27, dole ya ci 31x22 ɗin. Sai a kawar da na 28 da 19-23, ya ci 28x19, na 17 ya kwashi uku ya sauka a 30. Bambancin shi ne 30 ba gefen allo ba ne, Fari zai rama da 35x24. Wanda ya tsaya a nan zai ce an yi kunnen doki. Amma dubi inda fararen biyu suka tsaya, ɗaya a 19 ɗaya a 24, dukansu a bakin Baƙi kuma babu mai kawo musu ɗauki, tunda na 33 da na 34 sun tafi. Baƙi ya ci 14x23, kuma na 24, ko ya tsaya na 20 ya ci shi, ko ya matsa 19 na 13 ko na 23 ya ci shi.